Kafin Ka Sa Hannu, Buɗe Baki Ka Nemi Farashin Aikinka

Ranar da takardar ɗaukar aiki ta iso, yawancinmu hamdala muke yi, mu sanar da iyaye, mu sa hannu tun tawadar mai kamfani ba ta gama bushewa ba. Hamdalar daidai ce, domin wanda ya daɗe yana yawo da takardu a rana ya san daɗin a ce masa zo ka fara. Gaggawar sa hannun ce nake so mu sake dubawa, 'yan'uwana ma'aikata. Tsakanin isowar takardar nan da lokacin da za ka rattaba mata hannu akwai 'yan kwanaki, kuma a duk zaman da za ka yi a wurin aikin nan da wuya ka sake samun lokacin da maganarka take da nauyi kamar su. Sun tallata gurbi, sun tace takardu, sun zauna intabiyu da mutane da dama, sun zaɓe ka. Komawa baya su sake wannan wahala asara ce gare su. Kai kuwa ba ka zama ma'aikacinsu ba tukuna, don haka har yanzu ciniki ake yi.

A wannan ciniki kai ne mai kaya. Kowane Bahaushe ya san yadda mai kaya yake yi a kasuwa idan tayin bai kai ba: ya ce albarka, fuskarsa a sake, ba zagi ba ɗaga murya, mai saye ya ƙara, har a kai inda za a sallama. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya ko rashin godiyar Allah. To me ya sa idan kayan ya zama iliminka da ƙarfinka da sa'o'i takwas na kowace rana, sai harshe ya yi nauyi? Malaman fiƙihu ma sun sharɗanta cewa ladan ƙwadago ya zama sananne kuma da yardar ɓangarorin biyu. Wanda ya karɓa yana ƙunar zuci, ya je yana gunaguni a gindin bishiya har shekara uku, bai yi wa kansa adalci ba, bai yi wa mai aikin ba.

Sai dai a nan mutane da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Idan suka daure suka buɗe baki, sai su kawo kukan gida: kuɗin haya ya tashi, yara huɗu ne a makaranta, ga mahaifiya ba lafiya. Duk gaskiya ne, amma jami'in da ke kula da ma'aikata ba zai iya ɗaukar wannan ya kai wa shugabansa ba, domin kowa a kamfanin yana da irin wannan kuka, har shi kansa. Abin da zai iya ɗauka ya shiga da shi ofishin manaja shi ne hujja: ga abin da ake biyan masu irin wannan aiki a wannan gari, idan muka tsaya a ƙasa da haka ko mu rasa wannan mutum yau ko ya gudu bayan wata shida. Aikinka shi ne ka ba shi wannan hujja a hannu, tsaf, yadda zai kare ka da ita ba ka nan.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alƙaluman na misali ne, hanyar lissafin ce abin riƙewa. Mu ƙaddara wata 'yar'uwa ce akanta, tana da shekara huɗu a bakin aiki, wani kamfanin casar shinkafa a Kano ya aiko mata da takarda: Naira 250,000 a wata. Abu na farko da za ta yi shi ne godiya, ta kuma nemi kwana biyu ko uku ta karanta takardar a nutse. Wannan roƙo ne da ba kamfanin kirki da ke ƙin sa. Abu na biyu, ta tambaya a fayyace mata: wannan kuɗi jimlar albashi ne kafin a cire komai, ko kuwa abin da zai shiga asusunta ne?

Kada ka raina wannan tambaya, a kanta mafi yawan kuskure yake faruwa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10, kuma ana lissafin ne aƙalla a kan gundarin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. A ce waɗannan ukun sun kai 200,000 cikin albashin da aka yi mata tayi, to 16,000 ta tafi asusun fansho. Sai haraji. A tsarin da ya fara aiki a Janairun 2026, Naira 800,000 ta farko a kuɗin shekara ba haraji a kanta, miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari. Idan aka buga, harajinta zai kama wajen 25,000 a wata, kafin a yi mata rangwamen kuɗin haya idan ta nema. Ke nan abin da zai shiga asusunta bai wuce 209,000 ba.

Yanzu dubi tarkon. Ta kira wata ƙawarta da suka yi makaranta tare, wadda ke irin wannan aiki a wani kamfanin man gyaɗa, ta tambaye ta nawa take ɗauka. Ƙawar ta ce 240,000. Sai 'yar'uwarmu ta ji sanyi, ta ce ashe ma na fi ta da dubu goma. Alhali ƙawar abin da ke faɗowa asusunta ta faɗa, domin haka kowa yake faɗin albashinsa. Wanda 240,000 ke shiga hannunsa bayan fansho da haraji, jimlar albashinsa tana wajen 290,000. Ba fin ta aka yi da dubu goma ba, ita ce ta fi tayin da dubu arba'in. Duk adadin da aka faɗa maka, ka tambaya: kafin a cire ne ko bayan an cire? Sa'annan ka mayar da su duka ma'auni ɗaya kafin ka gwada.

Ina ake samo hujjar? Mafi inganci ita ce bakin mutanen da ke cikin sana'ar. Na san albashi a wurinmu sirri ne, wani ko matarsa ba ta san nawa yake ɗauka ba, saboda tsoron baki da tsoron buƙatun dangi. Shi ya sa ba a tunkarar mutum da nawa ake biyan ka. Ce masa za ka yi: Yaya, an yi mini tayin aiki kaza, a saninka mai shekara huɗu a wannan aiki daga nawa zuwa nawa ake ba shi a nan Kano? Ka ba shi ƙofar da zai faɗi gaskiya ba tare da ya tona asirin aljihunsa ba, kuma yawanci zai faɗa. Akanta tana da 'yan ƙungiyarta na ICAN ko ANAN, injiniya da ma'aikaciyar jinya da mai harhaɗa magunguna kowa yana da tasa ƙungiya da zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Wanda ya bar kamfanin da ya yi maka tayi ya fi kowa amfani, domin ya san tsarin albashin gidan kuma ba abin da zai rasa idan ya faɗa.

Bayan mutane sai tallan guraben aiki. A shafuka irin su Jobberman da MyJobMag da LinkedIn wasu kamfanoni kan rubuta daga nawa zuwa nawa za su biya. Irin wannan talla ta fi kowace hujja daɗin nunawa, saboda a fili take, kowa zai iya dubawa, ba ka ambaci sunan kowa ba. Ka ɗauki hotonta da kwanan wata. Shafin Glassdoor kuwa mutane ne ke shigar da albashinsu da kansu, ba mai tantancewa, kuma yawanci na Legas ne, don haka a taɓa shi da hattara. Sannan ka lura da shekarun adadi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin komai ya sauya, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da hauhawar farashi na sama da kashi 34 cikin ɗari a Disambar 2024, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Adadin da aka rubuta a 2022 ya tsufa, ba zai gaya maka farashin yau ba.

Mu koma ga 'yar'uwarmu. Cikin kwana biyu ta tara adadi biyar, duk ta mayar da su jimlar albashi: 270,000 daga wata talla, 290,000 na ƙawarta, 300,000 daga bakin wani babba a ƙungiyarsu, 320,000 daga wata tallar, sai 450,000 da wani ke ɗauka a wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje. Zuciya za ta ce a riƙe na ƙarshen nan. A jefar da shi. Ƙungiyar da kuɗinta ke zuwa da dala, aikinta kuma na kwantiragin shekara ɗaya ko biyu ne, ba sa'ar kamfanin shinkafa ba ce, kuma da zarar ta ambaci wannan adadi jami'in zai gane ba ta san kasuwar ba, sauran hujjojinta huɗu masu kyau su zube tare da shi. Ana gwada aiki da irinsa ne: gari ɗaya ko makamancinsa, kamfani mai girma kusan ɗaya, nauyin aiki ɗaya, shekarun ƙwarewa kusa da juna. Kada sunan muƙami ya ruɗe ka. Akantan da ke rubuta rasit kawai da akantan da ke rufe littafin wata, ya shirya biyan haraji, ya zauna da masu binciken kuɗi, sunansu ɗaya amma farashinsu daban.

Huɗun da suka rage sun nuna kasuwa tana tsakanin 270,000 da 320,000, tsakiyarta wajen 295,000. Tayin da aka yi mata yana ƙasa da mafi ƙanƙantarsu ma. Daga nan sai ta yanke wa kanta adadi biyu kafin ta yi magana da kowa: wanda za ta nema, da wanda ba za ta sauka ƙasa da shi ba. Ta sa na farko 310,000, sama da tsakiya kaɗan amma cikin abin da hujjarta ta ɗauka, tun da an san za a rage. Na biyu ta sa 280,000, ta bar shi a cikinta. Wanda ya shiga ofis bai yanke wannan adadi na biyu ba, kwarjinin kujera da sanyin ɗaki za su yanke masa.

Sai maganar kanta. Ta nemi ganin jami'in ko ta kira shi, ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce: "Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai da wannan dama, kuma ina son aikin nan da gaske. Na ɗan bincika abin da ake biyan akanta mai irin shekaruna a kamfanonin sarrafa abinci a nan Kano, na ga yana tsakanin 270,000 da 320,000. Ga tallace-tallace biyu na 'yan watannin nan idan kana son gani. Tun da ni zan riƙa rufe littafin wata da shirya haraji, kuma na yi shekara huɗu ina yin haka, ina roƙon a duba yiwuwar mayar da albashin 310,000. Idan aka daidaita wannan, a shirye nake in sa hannu a makon nan."

Dubi yadda zancen ya ginu. Godiya ta zo da farko, da tabbacin tana son aikin, don kada ya zaci hanyar gudu take nema. Hujja ta biyo, ba sunan ƙawarta a ciki, domin amanar wanda ya gaya maka albashinsa ba a kai ta ofis. Ta faɗi adadi guda ƙarara. Da ta ce a ɗan ƙara mini wani abu, da dubu biyar za a ɗora a ce an ƙara. Da ta ce ina son tsakanin 280,000 da 310,000, da ƙasan kawai zai ji. Ta kuma rufe da abin da shi zai samu, wato a gama maganar gurbin nan a makon nan. Bayan haka sai ta yi shiru. Shirun nan yana da wuya, na sani, harshe zai so ya ce amma fa ko nawa ne ba komai. Kalmomin nan kaɗan suna iya rushe aikin kwana biyu. Ki bar shi ya amsa, 'yar'uwa, ke kin gama naki.

Amsar da aka fi ji ita ce kasafinmu bai kai nan ba. Wannan ba rufe ƙofa ba ne. Sai ta tambaya cikin ladabi: "To ranka ya daɗe, iya ina kasafin wannan gurbi ya tsaya?" Sau da yawa kamfani yana da ƙasa da sama ga kowane muƙami, kuma tayin farko ba a saman yake ba. A ce ya je ya dawo da 285,000. Ya wuce adadinta na biyu, bai kai na farko ba. A nan za ta iya karɓa, ta ƙara neman abu ɗaya: a sake duba albashin idan ta gama watanni shida na gwaji, kuma a rubuta haka a cikin takardar. Ina jaddada rubutun. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, amma kai kada ka jira wata uku, ka nemi a gyara takardar kafin ka sa hannu. Jami'in da ya yi maka alkawarin baka yana iya barin kamfanin kafin wata shida, wanda ya gaje shi kuwa takarda kawai zai duba.

Me wannan hira ta minti goma ta jawo mata? Naira 35,000 a wata, wato 420,000 a shekara kafin haraji. Kason fanshon da kamfani ke zuba mata ya ƙaru. Duk ƙarin da za a yi nan gaba da lissafin kashi cikin ɗari a kan 285,000 zai hau, ba a kan 250,000 ba. Ranar da za ta nemi wani aikin kuma, aka ce ta kawo takardar albashinta ta ƙarshe, daga nan za a fara ciniki. Shi ya sa wanda ya fara a ƙasa yakan daɗe yana bin sa'o'insa a baya ko da ya fi su ƙwazo.

Idan kuɗin ya ƙi motsi sam, akwai sauran abin tattaunawa: inshorar lafiya da ta haɗa da iyali, alawus ɗin sufuri ko motar ma'aikata, biyan kuɗin jarrabawar ƙwarewa da kuɗin ƙungiya na shekara, albashin wata na goma sha uku. Ka mayar da kowanne kuɗi ka gani. Inshorar da ta ɗauke maka asibitin yara tana iya fin ƙarin dubu goma amfani. Amma ka zaɓi ɗaya ko biyu ka faɗe su tare a zama ɗaya. Wanda aka ba shi wannan ya dawo gobe da wancan, jibi da wani, yana gajiyar da mutanen da zai zauna da su.

Akwai wurin da wannan hanya ba ta aiki yadda na bayyana. Aikin gwamnati yana da jadawali, irin su CONPSS na ma'aikatan gwamnatin tarayya da CONHESS na ma'aikatan lafiya, kuma ba jami'in da zai ƙara maka sisi a kan abin da ke rubuce. Abin dubawa a can shi ne ko an ɗora ka a matakin da takardunka da shekarun aikinka suka cancanta. Manyan kamfanoni masu ɗaukar sababbin masu digiri rukuni-rukuni su ma albashi ɗaya suke ba kowa. Ƙaramar makarantar kuɗi a unguwa kuwa, idan mai ita ya ce ba shi da shi, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma tsakanin waɗannan akwai masana'antu da asibitoci masu zaman kansu da kamfanonin gine-gine da na sufuri da na sadarwa, inda adadin farko tayi ne kawai, kuma rashin tayi akan bar arha.

Na san tsoron da ke ƙasan zuciya: kada su janye takardar, ga ɗaruruwa a layi. Tsoro ne mai dalili a ƙasar da aiki ya yi wuya, ba zan raina shi ba. Amma ka duba abin da ke sa a janye tayi. Barazana ce, irin ta in ba ku ba ni kaza ba na tafi. Ƙarya ce, kamar ƙirƙiro tayin wani kamfani da babu shi, ko ƙara wa tsohon albashinka gishiri, abin da takarda ɗaya ko kiran waya ɗaya ke tonawa, a gari kamar Kano ko Kaduna inda masu sana'a ɗaya suka san juna. Sai kuma sake buɗe ciniki bayan ka riga ka ce ka amince. Roƙo guda, mai hujja, cikin girmamawa, mafi munin amsar da aka saba ba shi ita ce a'a, iyakarmu ke nan, takardarka kuma tana nan a kan tebur, ka karɓa idan ta yi maka. Mai aikin da zai kore ka don ka yi tambaya cikin ladabi ya nuna maka tun daga ƙofa yadda zai yi ranar da ka nemi hutu ko albashi ya makara.

Kuma kada ka manta abin da hirar ke nunawa game da kai. Akantar da ta tara adadi, ta tace su, ta jefar da wanda bai dace ba, ta gabatar da sauran a nutse, ta yi a gaban idonsu ainihin aikin da suke son ɗaukar ta ta yi. Ga mata musamman, waɗanda aka tarbiyyantar a kan kawaici har akan ga neman ƙari kamar zubar da aji: ladabin da kuke da shi shi ne rabin abin da ake buƙata a wannan zama, sauran rabin takarda ce mai adadi huɗu.

Ku kuma da kuka daɗe a bakin aiki, ku da kuka san farashin kowace kujera a sana'arku, ku taimaka. Idan ƙanwarku a sana'a ta kira ta ce an yi mata tayi, kada ku tsaya a Allah ya sanya alheri. Ku gaya mata daga nawa zuwa nawa ake biya, ku faɗa mata ko kafin cire haraji ne ko bayansa, tun kafin ta sa hannu.